Bandar kifi a durom: abin da nake rubutawa daga Lagdo

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na karɓo durom ɗin daga wurin mai walda. Wata guda ke nan da aka sake buɗe ruwa bayan hutun kamun kifi na damina, tarwaɗa kuma ta yi yawa a bakin tafkin Lagdo, nan arewacin Kamaru, har farashinta ya sauko. Gwaggo ta shekara fiye da talatin tana yi mana banda a murhun laka, tun madatsar Lagdo tana sabuwa, domin a 1982 aka gama ta. Yanzu hayaƙi ya ci mata ido, ba ta iya tsayawa a kan wuta. Ni zan karɓi aikin, amma ba ni da hannunta. Ita tana ɗora tafin hannu a kan raga ta ce a rage itace. Ni sai na auna, shi ya sa zan riƙa rubuta duk abin da na auna.

Durom ɗin mai lita 200 ne, tsayinsa kusan santimita 88, faɗin bakinsa kusan 57. Na man gyaɗa ne, na tabbatar da haka kafin na biya. A ƙasar auduga muke, kuma duk abin da aka taɓa zuba maganin feshi a cikinsa ba ya shiga harkar abinci, ko an wanke shi sau goma. Duk da haka na cika shi da kara na ƙone shi har fentin ya tashi, na goge da yashi.

Mai walda ya cire saman ya zama murfi, ya huda murfin wuri shida. A gindi ya yanka ƙofar wuta, santimita 25 a faɗi, 20 a tsaye, ya mayar da yankin ƙarfen ya zama ƙyaure. Ya soka rodi bibbiyu a hawa uku domin ɗaukar raga: na ƙasa santimita 50 daga gindi, na tsakiya 62, na sama 74. Dab da ragar tsakiya na sa ya huda ƙaramin rami, nan ma'aunin zafi zai shiga.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na hura wuta ba kifi, don in san halin durom ɗin. Ma'aunin da na sayo a kasuwar Garwa mai tsinke ne, irin na masu gashin burodi. Na fara tsoma shi a tafasasshen ruwa, ya nuna digiri 99 na Salsiyas, wato gaskiya yake faɗa.

Abin da na gani ya ba ni mamaki. Faskaren marke uku masu kaurin damtse, ƙyaure a buɗe, cikin minti ashirin allura ta wuce 130. Da na zare biyu na bar ɗaya a kan garwashi, na tura ƙyaure saura yatsa biyu, sai ta sauko ta zauna tsakanin 75 da 85. Garwashi zalla da aka yayyafa wa toka yana riƙe 55 zuwa 60 na kusan minti arba'in. Ƙarfe ba laka ba ne. Murhun Gwaggo yana daɗewa kafin ya ɗauki zafi, kuma yana daɗewa kafin ya sake shi. Durom yana hawa nan take, yana sauka nan take. Kuma ragar ƙasa ta fi ta sama zafi da kusan digiri 20.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwajin farko, tarwaɗa kilo shida. Na wanke, na lanƙwasa, na jera su da jiƙarsu, na hura wuta. Fata ta manne wa raga. Bayan sa'a guda mai ya fara ɗiga kai tsaye a kan garwashi, wuta ta tashi sau biyu, allura ta kai 140 kafin na kashe harshen. Cikin sa'a biyar kifin ya yi baƙi, ya yi tauri a hannu, na sauke shi ina ganin ya yi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Bai yi ba. Da safe na buɗe kwandon sai wari ya tare ni. Na karya guda a wuya, wurin da nama ya fi kauri. Waje ƙamas kamar ɓawon itace, amma jikin ƙashin baya naman ya yi laushi yana yauƙi, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Na kai wa Gwaggo, ta shinshina, ta matsa da babban yatsa.

"Ɗan nan, gasawa ka yi, ba banda ba. Ka rufe masa ƙofa tun ruwa bai fita ba."

"Gwaggo, to ai ya yi tauri."

"Bayansa ne ya yi tauri. Wuta mai ƙarfi tana ƙone baya, ruwan ciki ya rasa hanya. Kwana uku sai ya ruɓe daga ƙashi."

Kilo shida na zubar, kuma abin ya yi mini ciwo, don kuɗin mutane ne a ciki. Amma na gane cewa abu biyu ne nake haɗawa wuri ɗaya. Nunar kifi daban, bushewarsa daban. Kifin da ya nuna a sa'a uku na cin yau da gobe ne, fiye da rabin nauyinsa har yanzu ruwa ne. Wanda zai shiga kwali ya tafi Marwa ko Ngaundere, ya yi watanni, sai ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wannan ba ƙarfin wuta ke kawo shi ba, tsawon lokaci ne a kan wuta mai sanyi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na koma wurin mai walda. Ya yanko faranti daga ƙarfe mara fenti, ya fi bakin durom ƙanƙanta da yatsa uku ta kowane gefe, muka ɗora shi a kan rodi santimita 30 daga gindi. Hayaƙi zai bi ta gefe ya hau, harshen wuta ba zai ga kifi ba, mai kuma zai ɗiga a kan yashin da na shimfiɗa a farantin. Wannan ba don gudun gobara kaɗai ba ne. Hayaƙin man da ya ƙone a wuta shi ne ke sa kifi baƙi da ɗaci, kuma shi ne ɓangaren hayaƙi mafi illa ga mai ci.

Na kuma kewaye gindin durom ɗin da tubalin laka har zuwa rabinsa, na cika tsakani da ƙasa, don ya ɗan koyi halin murhun Gwaggo.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wannan karon zan rubuta komai da sa'arsa.

Ƙarfe shida da rabi ina bakin ruwa. Na zaɓi tarwaɗa 25, duka kilo 10, kowace wajen giram 400, yawancinsu suna motsi. Na ƙi haɗa manya da ƙanana, don ba za su bushe tare ba. Kifin da ya kwana a ragar masunta ya mutu, cikinsa ya saki, hayaƙi ba ya gyara shi, sai dai ya ɓoye warin na kwana biyu.

A gida na murza su da toka don yauƙin ya fita, na ɗauraye, na fasa ciki na cire hanji da matsarmama ba tare da ta fashe ba, na zare jan abin numfashi na cikin kai. Akwai layin jini da ke kwance a jikin ƙashin baya, na kankare shi da cokali, domin daga nan wari ke farawa. Na auna su a sikelin rataye: kilo 8 da giram 400. Wannan adadin shi ne zan riƙa komawa gare shi.

Gishiri kilo ɗaya na narka a ruwa lita goma, na jiƙa su minti 25. Gishirin yana jan ruwa, yana ƙarfafa nama, yana kuma rage ƙuda. Daga nan na lanƙwasa kowace, wutsiya zuwa baki, na soke da tsinke, na jera a raga a inuwa na rufa gidan sauro. Sa'a guda suka yi suna shan iska. Alamar da nake jira ita ce fata ta daina sheƙin ruwa, in ka taɓa ta ɗan kama yatsa. Jiƙaƙƙen kifi baƙin hayaƙi yake kwasa, tsanannen kifi launi yake ɗauka. Na shafa wa ragar man gyaɗa, na jera takwas, takwas, tara, da ratar yatsa tsakaninsu.

Daga tara da rabi zuwa sha ɗaya na riƙe zafin tsakanin 45 da 50, murfi a karkace don tururi ya samu hanya. Garwashi ne kawai da ɗan totuwar masara. A wannan zafin za ka iya barin hannunka a kan raga ba tare da ka janye ba. Ban yarda wannan matakin ya wuce sa'a ɗaya da rabi ba. Ɗanyen kifi a ɗumi-ɗumi wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne, in aka daɗe a nan sai ya fara tsami kafin ya nuna.

Ƙarfe sha ɗaya na ƙara faskaren marke ɗaya, na daidaita murfi, na buɗe ƙyaure yatsa biyu. Cikin minti goma sha biyar allura ta hau 80. Sa'a uku na riƙe ta tsakanin 75 da 85, kuma a nan ne aikin yake, domin ba a barin wurin. In ta doshi 90 sai in tura ƙyaure ko in watsa toka. In ta sauko 70 sai in ƙara itace siriri, ba babba ba. Hayaƙin da nake so siriri ne mai shuɗi-shuɗi. In ya yi fari ya turnuƙe, wutar ta shaƙe ne, tana neman iska. Ƙarfe sha biyu da rabi na juya kifin, na mayar da ragar ƙasa sama, ta sama ta dawo ƙasa.

Ƙarfe ɗaya da kwata na zare ma'aunin daga raminsa, na goge, na soka shi a wuyan tarwaɗa mafi girma har ya taɓa ƙashi. Ya nuna 71. Abin da ake buƙata shi ne cikin nama ya kai aƙalla 63, ni kuwa na fi son in ga 70, don ba kowane kifi nake sokawa ba. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga ɗaya: naman da ya nuna ya zama fari har ƙashi, yana rabuwa sala-sala, babu ja ko ruwan hoda a jikin ƙashin. Ƙarfe biyu na auna duka, kilo 4 da giram 600. Muka ci biyu daga cikin wasu ƙanana da na sa a gefe, suna da daɗi ƙwarai. A nan ne na sauke na makon jiya.

Daga biyu zuwa goma na dare na sauke wutar zuwa tsakanin 55 da 65. Na cire murfin ƙarfe na rufa buhun algarara, shawarar Gwaggo ce, don buhu yana riƙe zafi yana barin tururi ya fita. Murfin ƙarfe da yamma yana yin gumi, gumin ya ɗiga a kan kifi ya bar baƙin tabo. Duk sa'a biyu ina juyawa ina sauya raga. Ƙarfe goma nauyi ya zama kilo 3 da giram 300. Na rufe garwashi da toka, na tura ƙyaure, na ɗora murfi da dutse saboda kyanwa, na kwanta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Da asuba durom ya huce, kifi ya ragu zuwa kilo 3 da giram 100. Wani abu na lura da shi: daren jiya fatar ta yi ƙamas, amma da safe ta ɗan saki. Ruwan da ke ciki ne ya ratso waje da ya huta. Ashe kwanan da ake bari ya yi ba ɓata lokaci ba ne, yana cikin aikin. Shi ya sa kuma ba a yanke wa kifi hukunci da zafinsa, sai ya huce.

Na sake hura wuta ƙarfe bakwai, tsakanin 55 da 60. Ƙarfe sha ɗaya nauyi kilo 2 da giram 600. Ƙarfe sha biyu, 2 da 530. Ƙarfe ɗaya, 2 da 500. Da raguwar sa'a guda ta zama giram talatin kacal sai na janye wuta. In aka haɗa, sa'a goma sha takwas da rabi ke nan a kan wuta, ban da kwanan da ya yi.

Ga lissafin da ya sa na yarda da sikelin. Ɗanyen tarwaɗa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. A kilo 8 da giram 400, abin da ba ruwa ba wajen kilo 2 da giram 100 ne. In ina son ruwa ya saura kashi 15 cikin ɗari, sai in raba 2,100 da 0.85, ya ba ni kusan 2,470. Na tsaya a 2,500. Lissafin ba cif yake ba, don mai ya ɗiga, gishiri ya shiga, kuma wani kifin ya fi wani ƙiba. Amma ya ba ni abin riƙewa: gyararriyar tarwaɗa sai ta sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, wato kowane kilo goma ya koma wajen uku.

Bayan la'asar na kai wa Gwaggo kwandon ban faɗa mata nauyi ba. Ta ɗauki biyu ta buga su da juna, suka yi ƙara irin ta busasshen ƙwarya. Ta matsa wuya da babban yatsa, bai lotsa ba. Ta zare tsinke, zoben bai buɗe ba. Sai ta karya guda. Ya karye da ƙas, naman ciki launin zuma ne har ƙashi, yana tsagewa zare-zare, ba ya manne wa yatsa. Ta fasa kan ma, ta shinshina cikinsa, ta ce kai ne ke bushewa a ƙarshe, kuma a nan tsutsa ke fara zama.

"Wannan ya yi. Na hannun hagun nan ka mayar da su, sa'a biyu."

Guda uku ta ware, duka daga tsakiyar raga suke, inda farantin ya fi tare zafi. Na karya ɗaya, gaskiyarta, jikin ƙashi yana da ɗan danshi. Sikeli yana faɗin nauyin kwando gaba ɗaya, ba ya nuna wanda ya rage a ciki. Daga yau in zan juya, na tsakiya za su koma gefe.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na ƙara gwaji ɗaya. Na sa kifi biyu da suka huce a kwalba mai murfi, na ajiye a rana sa'a biyu. Kwalbar ba ta yi gumi ba. Na gwada da wani da na sayo a kasuwa mai kyan launi, cikin rabin sa'a raɓa ta kwanta a jikin gilashin. Launi ba shaida ba ne. Ana iya ba kifi launi cikin sa'a huɗu da ɗanyen itace.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Karfasa na yi yau, kilo bakwai, na kankare, na tsaga su ta baya na buɗe kamar littafi. Namansu siriri ne ba mai, sa'a biyu a 75 zuwa 80 suka nuna, sa'a tara a 55 zuwa 60 suka bushe. Minti 25 a ruwan gishiri ya yi musu yawa, nan gaba 15 zan yi. Na ragar ƙasa sun wuce misali, suna marmashewa a hannu. Bushewa ma tana da iyaka, kifin da ya zarce gari yake zama a cikin kwali kafin ya isa kasuwa, asara ce ta nauyi.

Itacen marke ya ƙare mini, maƙwabci ya ba ni darbejiya. Gwaggo ta hana, ta ce ɗaci take sa wa. Busasshen mangwaro na samo, ya ba da ƙamshi mai kyau amma yana saurin cinyewa, sai an riƙa ƙarawa. Katako mai fenti da leda ba sa kusantar wutar nan, ko wajen hurawa.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya shigo sosai. Jiya da dare iska tana buga durom, saman da babu tubali yana sanyi, ragar sama ta ƙi wuce 45 alhali ta ƙasa tana 65. Na kafa zana ta gefen da iskar ke zuwa, na juya ƙofar wuta ta ba ta baya, bambancin ya ragu zuwa digiri goma. A gefe guda kuma iskar tana taimako: shan iskar farko da ke cin sa'a guda yanzu minti arba'in ya isa, sai dai a rufe saboda ƙura.

Na buɗe kwalin 17 ga Nuwamba, kwana 27 ke nan. Babu fumfuna, babu wari. Amma a gindin kwalin na ga ɗan gari, na fasa kai biyu na samu ƙwaro ɗaya da tsutsarsa mai gashi. Wasu a nan sukan yayyafa maganin ƙwari, ni ba zan sa guba a abin da yara za su ci a miya ba. Na mayar da kifin kwalin duka cikin durom, sa'a biyu a 65 zuwa 70, zafin ya isa ya kashe ƙwaro da ƙwansa. Na bar su suka huce sarai kafin na zuba a sabon kwali, na liƙe bakinsa, na ɗora a kan benci nesa da ƙasa. Zan riƙa yin haka duk mako uku.

Asabar, 21 ga Disamba

Zubi na shida. Kilo 10 da giram 200 ɗanye, kilo 8 da rabi bayan gyara, kilo 2 da giram 600 a ƙarshe, sa'a goma sha bakwai. Gwaggo ta ware guda ɗaya tak. Wata mai saye daga Garwa ta karya biyu a gabana, ta ɗauki kwandon duka, ta ce in tanadar mata kilo goma busasshe kafin ƙarshen Janairu. Wannan zubi huɗu ne a durom ɗaya, kwana takwas a kan wuta. Na yi magana da mai walda a kan durom na biyu, za mu ɗaga tubalin har baki, a kuma huda rami na biyu dab da ragar sama. Ranar Litinin zan je neman na man gyaɗa.